Ciniki da Makusanta: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Auna Bayaninsa a Rahoton Kuɗin Kamfani

Ciniki da makusanta shi ne duk wata mu'amala da kuɗi, kaya, aiki ko nauyin bashi ke sauya hannu tsakanin kamfani da wani wanda ke da iko ko faɗa a ji a cikinsa, ko an sa farashi ko ba a sa ba. Ƙa'idar da ta tsara bayyana shi a rahoton kuɗi na shekara ita ce IAS 24, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya ke bi tun 2012, sa'ad da ƙasar ta koma kan ƙa'idojin lissafi na duniya. Masu binciken asusu, wato oditoci, suna aiki da tasu ƙa'idar, ISA 550. Batun ya sake tasowa a watan Fabrairun 2025, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya umarci daraktocin bankunan da suka ci bashi a bankunansu suka kasa biya da su sauka daga kujerunsu.

Mutane da yawa suna ɗauka ciniki da makusanci sata ce kai tsaye. Wasu kuma, musamman masu kamfanoni, suna ganin in dai an saya a farashin kasuwa to babu abin faɗa. Duka biyun kuskure ne. Ƙa'idar ba ta hana kamfani sayen kaya wajen ɗan shugabansa ba, abin da ta hana shi ne a ɓoye. Dalilin kuwa a fili yake. Farashi yana zama shaida ne idan mai saye da mai sayarwa kowa na jan nasa, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara taya. Idan dillali ya sayar wa ƙanensa saniyar da aka ba shi amana, babu wanda ya ja da wani. Haka in mai rabon gado ya sayi gonar marayu da kansa, ko uwar adashe ta ba 'yarta kwasar farko. Mai yiwuwa ne an yi adalci a duka ukun, amma mai saniya da marayu da 'yan adashe suna da haƙƙin su san da wa aka yi cinikin, su auna da kansu. Masu hannun jari da masu bin kamfani bashi suna wannan matsayi.

Makusanci na farko shi ne mutumin da ke juya kamfani, ko yake da tasiri mai ƙarfi a kansa, ko yake cikin manyan jami'an da ke tsara al'amuransa, har da daraktocin da ba sa zama ofis kullum. Mallakar kashi 20 cikin 100 na ƙuri'u ana ɗaukarta alamar tasiri mai ƙarfi, sai in an nuna akasin haka. Daga nan sai iyalinsa na kusa: mata ko miji, 'ya'ya, agola, da duk wanda ke ƙarƙashin ɗawainiyarsa. Sai kamfanonin da waɗannan mutane ke juyawa, da uwar kamfani da rassanta. A gidan Bahaushe wannan jeri yana da faɗi, domin mai mata uku duka ukun sun shiga, da 'ya'yan kowace. Wa, ƙane da suruki ba a ambace su da suna ba, amma ma'aunin shi ne ko ana sa ran ɗaya zai iya juya ɗaya a hulɗarsa da kamfanin, kuma ana duba haƙiƙanin alaƙa, ba abin da takarda ta nuna kawai ba. Kamfanin da aka yi wa rajista da sunan yaron gida alhali maigida ne ke ba da umarni, na maigida ne. A ɗaya gefen kuma, bankin da ya ba da rance ko babban kwastoma ba sa zama makusanta don girman cinikinsu kaɗai.

Wahalar aikin tana wajen ganowa, domin wanda ya fi kowa sanin alaƙar shi ne wanda ɓoye ta zai amfana. Odita yana farawa da jerin makusantan da shugabannin kamfani suka ba shi, amma ba ya tsayawa a nan. Yana karanta bayanan tarukan daraktoci da takardun da kowane darakta ya bayyana harkokinsa a ciki. Yana duba rajistar Hukumar CAC don ganin masu hannun jari da daraktocin manyan 'yan kwangila, aikin da dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa da ta wajabta bayyana masu iko na gaskiya. Yana kwatanta adireshi da lambobin waya da masu sa hannu a asusun banki. Wasiƙar da banki ke aikowa don tabbatar da ragowar kuɗi ita ma tana tona lamunin da kamfani ya tsaya wa wani. Alamun da ke sa a ƙara zura ido sanannu ne: kwangila babba ba tare da an nemi farashin wasu ba, bashi marar ruwa kuma marar ranar biya, kuɗin "shawara" da ba a ga aikinsa ba, da cinikin da aka ƙulla kwana biyu kafin rufe shekara aka warware shi bayan ta shiga.

A ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa a Kano, mai cinikin naira biliyan 10 a shekara da ribar naira miliyan 600 kafin haraji. Cikin masu kawo masa shanshera akwai wani kamfani da ya kawo buhu 60,000 a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla naira biliyan 2.4. Odita ya lura sauran masu kawowa a watannin nan an biya su naira 36,000 a kan irin wannan shinkafa. Ya duba rajista, ya tarar kashi 70 cikin 100 na wancan kamfani na matar manajan darakta ne, adireshinsa kuma wani gida ne na maigidan. Da ya bi asusun, ya ga an ba kamfanin kuɗin kafin alƙalami naira miliyan 500 tun wata 14 da suka wuce, babu ruwa, babu jingina, kuma har yanzu ba a cire shi daga kuɗin kaya ba. Wasiƙar banki ta ƙara nuna cewa kamfanin casar ya tsaya wa kamfanin matar lamunin rancen naira miliyan 300. Akwai kuma sito na shugaban daraktoci da ake ajiye kaya a ciki kyauta.

A daftarin rahoton da aka miƙa wa odita, layi ɗaya aka rubuta: an sayi kayan naira biliyan 2.4 daga makusanta a kan farashin kasuwa. Wannan bayani bai isa ba, kuma ana iya nuna gazawarsa da lissafi. Bambancin naira 4,000 a buhu 60,000 ya kai naira miliyan 240, wato kashi 40 cikin 100 na ribar shekarar. Ƙa'idar ta yarda a ce an yi ciniki kamar yadda za a yi da baƙo ne kawai idan ana iya tabbatar da hakan da hujja, a nan kuwa takardun kamfanin da kansu sun ƙaryata maganar. Ko da farashin ya yi daidai, sharuɗɗan ba na baƙo ba ne. Kamfanin da ke karɓar rance a banki da ruwan kashi 25 cikin 100, idan ya ajiye naira miliyan 500 a hannun wani kyauta, yana ɗaukar nauyin naira miliyan 125 a shekara a madadinsa.

Bayanin da ya wadatar dole ya faɗi irin alaƙar, wato kamfani ne da iyalin wani babban jami'i ke juyawa. Ya faɗi adadin cinikin shekara, da abin da ya rage ba a biya ba a ranar rufe lissafi, da sharuɗɗansa: akwai jingina ko babu, da kuɗi za a biya ko da kaya. Ya ambaci lamunin naira miliyan 300, da ko an ware wani abu saboda tsoron kada miliyan 500 ɗin ta maƙale. Siton kyauta ma yana shiga, domin rashin haya ya ɗaga ribar, kuma ranar da shugaban ya bar kujera hayar za ta bayyana. An yarda a haɗa ƙananan mu'amaloli masu kama da juna a adadi ɗaya, amma ba a cusa babba a cikinsu ta ɓace. Abubuwa biyu kuma ana bayyana su ko da ba a yi wani ciniki ba: sunan uwar kamfani da wanda ke juya shi a can ƙarshe, da jimlar abin da manyan jami'ai ke samu, rarrabe bisa nau'insa.

Ma'aunin wadatar bayani ɗaya ne: mai karatu da bai san kowa a kamfanin ba ya iya gane yadda riba da basussuka za su kasance da ba a yi wannan alaƙa ba. Girman adadi ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Rancen naira miliyan 20 ga darakta ƙarami ne a kamfanin biliyoyi, amma yana nuna yadda ake riƙon amana, don haka yana iya zama abin bayyanawa. Idan shugabanni suka ƙi gyarawa, odita yana kai maganar ga kwamitin binciken asusu, sannan ya sa togaciya a ra'ayinsa, ko ya ce rahoton bai nuna gaskiyar hali ba idan ɓarnar ta game ko'ina. Takardar da shugabanni ke sa wa hannu cewa sun bayyana komai wajibi ce, amma ba ta maye gurbin bincike.

Tsarin yana da iyaka. Alaƙar da aka ƙulla da baki, aka sa sunan amini ko tsohon direba, tana iya wuce kowane bincike. Bayani kuma yana iya kasancewa a rubuce amma a murɗe. Kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a 2001, ya ambaci hulɗarsa da kamfanonin haɗin gwiwar da babban jami'in kuɗinsa Andrew Fastow ke gudanarwa, amma cikin kalaman da ƙwararru ma suka kasa warwarewa. A Najeriya, ranar 14 ga Agusta 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, kuma rancen da na ciki suka ba kamfanonin da ke da alaƙa da su yana cikin abubuwan da bincike ya bankaɗo. Bankunan nan duka suna fitar da rahoton shekara da aka bincika kafin wannan rana.

Sakacin bai tsaya ga hukumomi da oditoci ba. Masu hannun jari da yawa suna zuwa taron shekara su tambayi ribar da za a raba kawai, su bar shafin makusanta, wanda galibi yake can ƙarshen rahoto, ba su buɗe ba. Shafin da ya faɗi alaƙa, adadi, ragowa da sharuɗɗa ya cika aikinsa. Wanda ya tsaya ga cewa an bi farashin kasuwa ba tare da hujja ba bai wadatar ba, kuma mai hannun jari yana da haƙƙin neman cikonsa kafin ya ɗaga hannu a amince da rahoton.