Bayan An Tashi Daga Taro: Yadda Ake Tace Shawarwari Daga Murya

A ce kwamitin iyaye da malamai na wata firamare ya zauna, mutum 9, kan dalilin da ya sa yara ke fashin zuwa makaranta. An ce kowa ya faɗi abin da ya zo masa ba tare da suka ba, sakatare kuma ya ɗauki muryoyin a waya, minti 40. Yanzu aiki ya dawo kansa.

Da farko zai saurara yana tsayar da muryar, ya rubuta kowace shawara a ƙaramar takarda tata daban, da sunan mai ita da mintin da aka faɗe ta. Idan mutum ya ce "a gyara famfo, a kuma gina banɗakin 'yan mata", takardu biyu ke nan.

Sai ya baza takardun a tabarma, ya riƙa matso da masu kama da juna wuri guda. Wannan dabara ta Jiro Kawakita ce, wani masanin al'adu ɗan Japan da ya tsara ta a shekarun 1960, kuma sharaɗinta shi ne kada a raɗa wa rukuni suna sai ya haɗu. Wanda ya fara da rubuta "talauci" zai tarar rabin takardun sun faɗa can, talla da kuɗin littafi da ranar kasuwa duk a cakuɗe, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Rukunin da ya kumbura haka a raba shi. Takardar da ta ƙi shiga ko'ina a bar ta ita kaɗai.

Wurin gane goyon baya ne ake yawan zamewa. Mutane ake ƙirgawa, ba sau nawa aka maimaita magana ba. Malamin da ya ambaci katanga sau 5 mutum ɗaya ne. Maganar banɗaki kuwa, a ce wata uwa ta kawo ta a minti na 12, wasu uku suka ɗora da nasu misalan: wannan ya cancanci alama mai ƙarfi a kan takardar. "Haka ne" kawai a ba shi ƙaramar alama, musamman idan bayan maganar mai unguwa ya biyo, domin kara ma tana sa a faɗe shi. Wanda ya yi suka, shi ma a rubuta.

Waya ba ta ɗaukar gyaɗa kai, kuma shiru ba ya nuna yarda ko ƙi. Saboda haka alamomin sakatare hasashe ne. Ya mayar da rukunan gaban kwamiti, a ba kowa ƙuri'a 3 ya rubuta zaɓinsa a ɓoye, sannan a kwatanta da abin da aka ji a muryar kafin a kashe ko kwabo.