Kasuwar Cacar Da Ɗan Wasa Ke Zama Mai Shago

A shekarar 2000 Andrew Black da Edward Wray suka buɗe Betfair a Birtaniya, suka zo da wani salo na cacar wasanni. A shagon caca na yau da kullum, kamfani ne ke yanka farashi, shi ne kuma ke biya idan an ci shi. A nan kuwa kamfanin dillali ne kawai: yana haɗa mutum biyu masu saɓanin hasashe, ya riƙe kuɗinsu, ya yanki la'adarsa.

Maɓalli biyu ne a shafin. Mai danna shuɗin, wato Back, cewa yake yi abu zai faru, misali Arsenal za ta ci wasa. Mai danna ruwan hoda, wato Lay, cewa yake yi ba za ta ci ba, ya ɗauki matsayin mai shago ke nan. Cinikin ba ya faɗawa sai an sami wani a ɗaya ɓangaren da ya yarda da farashin. In ba a samu ba, kuɗin ya koma wa mai shi.

Bari a ɗauki wani da ya danna Lay a kan Arsenal, a farashi 3.50, ya karɓi fam 20 na abokin hamayya. Idan aka lallasa Arsenal, ko aka tashi canjaras, fam 20 ɗin nan nasa ne. Kamfani zai cire la'ada daga ribar kaɗai. In kashi 5 cikin ɗari ne, fam ɗaya ya tafi, saura 19.

To idan Arsenal ta ci fa? A nan ne sabon shiga ke ƙona hannu, domin yana zaton fam 20 ya saka a haɗari. Ba haka ba ne. Abin da ke wuyansa, wanda shafin ke nunawa da sunan Liability, ana samun sa ne ta hanyar cire ɗaya daga farashin, a ninka da kuɗin da ya karɓa: 2.50 sau 20, fam 50 cif. Tun kafin a take leda kamfanin zai riƙe wannan adadi daga asusunsa. Kuma nauyin yana hawa tare da farashi: da a ce 11.00 ne, fam 200 zai ajiye don neman 19 ɗin nan.

Hanyoyin cin mai Lay biyu ne, na faɗuwa ɗaya, shi ya sa abin ke ruɗar mutane. Amma wanda ke saka 50 don ya sami 19 sai ya yi daidai kusan sau 73 cikin 100 kafin ya tsira da uwar kuɗinsa. Rashin mai shago bai hana abin zama caca ba, kuma ko wane ne ya ci, dillalin yana da rabonsa.