Mako Huɗu Kafin Jarrabawar Lissafin Sakit: Yadda Ɗalibin Foliteknik Zai Raba Lokacinsa

A sashen koyon injiniyancin lantarki na kowace foliteknik, ko ta Kaduna ko ta Kano ko ta Birnin Kebbi, akwai darasin da ɗalibai ke jin tsoro fiye da sauran, wato lissafin sakit. Sakit dai ita ce hanyar da wuta ke bi ta fito daga batir ko janareta, ta ratsa kayan da aka jona, ta koma inda ta fito. A jarrabawa akan zana wa ɗalibi irin wannan hanya, a ce ya faɗi yawan karant da ke bi ta wani reshe, ko boltej ɗin da ke wata mahaɗa. Manhajar da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta tsara iri ɗaya ce ga makarantun, shi ya sa tambayoyin ba sa nisa da juna.

Abin da ke kayar da yawancin ɗalibai ba mantuwar ƙa'ida ba ne. Sun haddace dokar Ohm, sun haddace dokokin Kirchhoff guda biyu. Inda ake zubar da maki shi ne wurin mayar da zane ya zama lissafi: a sa alamar ragewa inda ta tarawa ta dace, ko a manta wace hanya aka ce karant na bi. Karanta takardun lakca ba ya maganin wannan, sai riƙe biro. Don haka shawarata ita ce a ba darasin awa biyu kullum, rabin awa na duba littafi, sauran duka na warware tambaya da littafin a rufe. Kuma a samu sakit guda ɗaya ƙarama da za a yi ta juyawa ta kowace fuska har ta zama 'yar gida.

Ga wadda nake nufi. Rassa uku ne a jere, kawunansu sun haɗu a mahaɗa ɗaya ta sama, ƙafafunsu a ta ƙasa. Reshen hagu yana da batir mai bolt 12 da resista mai om 2. Na dama yana da batir mai bolt 6 da resista mai om 2. Na tsakiya resista ce kawai mai om 4. Batiran biyu suna kallon sama da kansu na tarawa. Tambaya: karant nawa ke bi ta tsakiya?

Makon farko na Kirchhoff ne, kuma kada a yi masa gaggawa. Dokarsa ta farko, wadda ya fitar a 1845, ta ce duk karant da ya shiga mahaɗa dole ya fita. Sai ɗalibi ya ɗauki mahaɗar ƙasa a matsayin sifiri, ya kira boltej ɗin ta sama V, ya ƙaddara cewa karant na fita daga cikinta ta dukkan rassa ukun. Jimillarsu sifiri ce:

```
(V - 12)/2 + (V - 6)/2 + V/4 = 0
5V = 36
V = 7.2
```

Da an samu bolt 7.2, aiki ya ƙare. A raba shi da om 4, reshen tsakiya na ɗauke da amfiya 1.8. Babban batir na turo amfiya 2.4. Ƙaramin kuwa, in aka lissafa abin da yake turowa, sai a ga amfiya 0.6 da alamar ragewa a gaba. A nan ne ɗalibai da yawa ke firgita su soke aikin da yake daidai. Alamar ba kuskure ba ce. Tana nufin karant ɗin na shiga batirin ne maimakon ya fito, wato babban yana cajin ƙaramin, tunda bolt 7.2 na mahaɗar ya fi ƙarfin bolt 6.

Washegari sai a sake warware sakit ɗin ta hanyar zagaye, da doka ta biyu, wadda ta ce jimillar boltej a duk rufaffen zagaye sifiri ce. A sa karant na zagayen biyu su juya gefe ɗaya, kamar hannun agogo, a kuma tuna cewa resistar tsakiya ta kowa ce, abin da ke bi ta cikinta bambancin karant ɗin biyu ne. In amsa ba ta fito 1.8 ba, to akwai alamar da ta karkace, kuma nemo ta da kai ya fi warware sabbin tambayoyi biyar amfani.

Akwai kuma gwajin da ya kamata ya zama al'ada tun wannan makon, domin a zauren jarrabawa babu bayan littafi da za a leƙa. Ƙarfin da aka bayar dole ya yi daidai da wanda aka sha. Babban batir ya ba da 12 sau 2.4, wato wat 28.8. Resistar hagu ta ƙona 11.52, ta dama 0.72, ta tsakiya 12.96, ƙaramin batir ya karɓi 3.6. A tara su, 28.8 cif. Minti biyu kacal yake ci. Sauran kwanakin makon a yi su a kan sakit masu zagaye uku, da sauya jonin tauraro zuwa na kusurwa uku, don hannu ya saba da lissafi mai boyayyun lambobi uku.

Mako na biyu na ƙa'idojin taƙaita sakit ne, kuma ba za a canza zane ba. Ƙa'idar Thevenin, wani injiniyan wayar tangaraho ɗan Faransa da ya wallafa ta a 1883, ta ce duk tarkacen da ke bayan tasha biyu ana iya maye gurbinsa da batir ɗaya da resista ɗaya. A cire resistar tsakiya tukuna. Yanzu karant na zagayawa tsakanin batiran kaɗai: bambancinsu bolt 6, a raba da om 4, amfiya 1.5. Resistar hagu ta cinye bolt 3, saura bolt 9 a tashoshin. Sannan a kashe batiran, a sa waya a gurbin kowanne, sai resistocin biyu masu om 2 su zama a kafaɗa da juna, su ba da om 1. A mayar da om 4 wurinta: 9 a raba da 5, amfiya 1.8. Amsar da aka sani ce, ta wata ƙofar.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne wajen kashe tushen wuta. Tushen boltej waya ake sa wa a gurbinsa, tushen karant kuwa yanke reshensa ake yi a bar shi a buɗe. Wanda ya juya su ya rasa tambayar gaba ɗaya, ko da sauran lissafinsa ya yi kyau. Daga Thevenin zuwa Norton taki ɗaya ne, amfiya 9 a kafaɗa da om 1, haka ma tambayar wane lodi ne zai ja ƙarfi mafi yawa: wanda ya yi daidai da om 1 ɗin nan, kuma zai sha wat 20.25.

Sai ƙa'idar kunna tushe ɗaya-ɗaya a tara sakamako. Babban batir shi kaɗai yana tura amfiya 1.2 ta tsakiya, ƙaramin shi kaɗai 0.6, jimilla 1.8. Amma akwai tarko da malamai ke son ɗanawa. Ba a tara wat ta wannan hanya. Amfiya 1.2 zai ba da wat 5.76, 0.6 zai ba da 1.44, jimillarsu 7.2, alhali gaskiyar ita ce 12.96. Dalili shi ne ƙarfi yana tafiya da karant sau kansa, don haka sai an gama tara karant sannan a lissafa shi. A ganina ɗalibin da ya ga wannan bambanci da lambobinsa ba zai sake faɗawa ba.

A mako na uku ake shiga wuta mai sauya gaba, irin ta layin gida, wadda a Najeriya da Nijar take juyi 50 a daƙiƙa. Dokokin ba su canza ba, lambobin ne suka samu kusurwa. Kwana biyun farko a ba kalkuleta su, ba wasa nake ba. A koyi shiga `CMPLX`, da sauya lamba daga siga mai `j` zuwa mai girma da kusurwa da dawo da ita, a kuma duba ko allon na kan digiri ko radiyan. A yi amfani da kalkuletar da za a shiga zaure da ita, ba ta aro ba, kuma ba ta waya ba, don ba za a bari a shiga da waya ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna inda ake tuntuɓe. Resista mai om 30 a layi ɗaya da naɗin waya mai henri 0.127, a kan bolt 230. Turjiyar naɗin ita ce `2πfL`, kusan om 40. Mai gaggawa zai tara 30 da 40 ya rubuta 70. Ba haka ba ne, don kusurwar digiri 90 ce tsakaninsu:

```
Z = 30 + j40 = 50∠53.1°
I = 230/50 = 4.6 A
```

Karant ɗin yana bin bayan boltej da digiri 53.1. In an ninka 230 da 4.6 za a samu 1058, amma wannan ƙarfin gani ne kawai. Na gaskiya shi ne kashi 0.6 nasa, kusan wat 635, kuma resistar ce kaɗai ke ƙona shi. Kafin kowane lissafi a zana kibiyoyin boltej da karant ko da a gurguje, domin zanen zai nuna in amsar kalkuleta ta faɗa gefen da bai dace ba: da naɗin waya karant na baya, da kafasita yana gaba. A kuma lura ko lambar da aka bayar ta ƙololuwa ce ko ta aiki; bolt 230 na aiki ƙololuwarsa kusan 325 ce. Ragowar makon ya tafi ga lokacin da turjiyar naɗi da ta kafasita ke soke juna, da cikar kafasita, wadda ke kai kashi 63 cikin ɗari a lokaci `RC` guda, ta kusa cika a ninki biyar nasa. In malami ya koyar da wuta mai layi uku a wannan zangon, ta samu kwana ɗaya.

Makon ƙarshe ba a buɗe sabon babi. A nemo tsoffin takardun jarrabawa na sashen, a zauna da agogo a yi takarda guda cikakkiya kwana ɗaya, washegari a yi mata gyara tare da abokin karatu, kowa ya duba ta ɗan'uwansa. Wurin gyaran a rubuta irin kowane kuskure: na alama ne, na kalkuleta, na mayar da miliamfiya zuwa amfiya, ko rashin fahimta. Uku na farko maimaici ke gyara su, na huɗun ne kawai ke buƙatar komawa littafi ko ofishin malami. Wanda ya ga hanyar zagaye na yawan ci masa alama, in tambaya ba ta tilasta hanya ba, ya bi ta mahaɗa.

A raba lokaci da maki tun a gida: in takarda ta awa uku ce mai maki ɗari, tambaya mai maki ashirin kada ta wuce minti talatin da biyar. A sake zana sakit ɗin a takardar amsa da kibiyoyin karant a kai, a rubuta layin lissafi kafin a zuba lambobi, domin malamai kan ba da maki a kan matakai ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Daren jarrabawa kuwa tambaya biyu masu sauƙi sun isa, sai a duba batirin kalkuleta a kwanta.