Saƙon da ke ɓacewa a WhatsApp: yadda wa'adinsa ke cika, da inda kwafinsa ke maƙalewa

Da yawa daga cikinmu da ke da dangi ko abokan ciniki a tsallaken iyaka mun mayar da WhatsApp wurin aika komai: hoton katin shaida, takardar asibiti, rasit na kuɗi, har da maganar cikin gida da ba a so ta fita. Saboda haka ne wasu ke kunna tsarin saƙo mai ɓacewa, suna ganin da zarar wa'adi ya cika, magana ta mutu. Gaskiyar ita ce abin da ke gogewa shi ne saƙon da ke cikin hirar kawai. Duk kwafin da ya riga ya fita daga hirar, wa'adin bai shafe shi ba.

Yadda agogon ke aiki

WhatsApp ya fito da wannan tsari a watan Nuwamban 2020 da wa'adin kwana 7, sannan a Disamban 2021 ya ƙara awa 24 da kwana 90. A wayar da ke Faransanci sunansa Messages éphémères, a ta Turanci kuma Disappearing messages. Idan an kunna shi, kowane sabon saƙo yana tafiya ne da wa'adinsa a maƙale, kamar ranar lalacewa a jikin kwalin magani. Manhajar da ke wayarka da wadda ke wayar abokin hirarka, kowacce tana duba wannan wa'adi, idan ya cika ta goge nata kwafin.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan. Na farko, agogon yana fara ƙirga ne daga lokacin da aka aika saƙon, ko an karanta shi ko ba a karanta ba. Wanda ya yi kwana takwas a ƙauyen da babu sabis zai iya dawowa bai tarar da saƙon mai wa'adin kwana 7 ba. A manhajar Signal abin ya bambanta, domin a wajen mai karɓa agogon ba ya fara tafiya sai ya buɗe saƙon. Na biyu, tsarin ba ya waiwaye. Saƙonnin da aka aika kafin a kunna shi suna nan inda suke.

Sitatus ma haka yake, sai dai wa'adinsa awa 24 ne kuma ba a canza shi. Snapchat ne ya fara wannan salo a 2013, Instagram ya bi a 2016, WhatsApp kuma a 2017. Bayan awa 24 mutane sun daina ganin abin da ka ɗora, amma daina gani daban, gogewa daban. A Instagram, alal misali, labaran da wa'adinsu ya cika suna komawa wata ma'ajiya da mai shafin kaɗai ke gani, matuƙar bai kashe wannan tsari ba.

Mu bi hoto ɗaya mu gani

Mu ɗauka wata 'yar kasuwa a Garwa tana so ƙanenta da ke Injamena ya karɓo mata kaya. Ranar Litinin da ƙarfe 10 na safe ta aika masa hoton katin shaidarta, ta rubuta a ƙasa cewa ya nuna wa mai shagon kawai. Hirarsu tana kan wa'adin kwana 7, don haka Litinin mai zuwa da safe hoton da rubutun za su ɓace daga wayoyin biyu. Ga abin da zai iya faruwa a cikin wannan mako.

Da saƙon ya shiga, wayar ƙanen ta nuna sanarwa a saman allo, tare da farkon rubutun. Wannan sanarwa ta wayar ce, ba ta hirar ba. A wayoyin Android daga siga ta 11 zuwa sama akwai wurin tarihin sanarwa, Historique des notifications a Faransanci, wanda idan an kunna shi yana riƙe sanarwar awa 24 da suka wuce. Akwai kuma manhajojin da mutane ke sakawa musamman don su riƙa kwafe sanarwa suna adanawa, su kuma ba ruwansu da wa'adin WhatsApp.

Ranar Talata mai shagon ya ce a turo masa hoton. Ƙanen ya tura shi zuwa hirarsa da mai shagon, wadda ba ta da wa'adi. Wannan sabon saƙo ne, kuma dokar sabuwar hirar yake bi. Zai zauna a wayar mai shagon har sai shi ya ga damar gogewa.

Ranar Laraba ƙanen ya ji tsoron kada hoton ya ɓace kafin kaya su iso, sai ya yi sikirinshot, wato ya ɗauki hoton abin da ke kan allon wayarsa. A saƙo mai ɓacewa na yau da kullum, WhatsApp ba ya hana haka, kuma ba ya sanar da wadda ta aiko. Haka ma sitatus: jerin waɗanda suka kalla ba ya nuna wanda ya ɗauki hotonsa. Sikirinshot ɗin ya faɗa cikin hotunan wayar kamar kowane hoto. Idan wayar tana ɗora hotuna zuwa Google Photos ko iCloud, ya kuma hau can. Ko daga baya ya goge shi, sai ya fara zama a kwandon shara: kwana 30 a iPhone, a Google Photos ma yakan yi makonni kafin ya goge gaba ɗaya.

Da Litinin ta zagayo, 'yar kasuwar ta buɗe hirar ta ga babu hoton, hankalinta ya kwanta. Alhali kuwa katinta yana wayar mai shagon, yana cikin hotunan ƙanenta, wataƙila kuma yana kan asusunsa na Google. Babu wanda ya yi mata mugunta a cikinsu, kuma manhajar ta yi abin da ta ce za ta yi. Ikonta ne ya tsaya a bakin hirar.

Akwai wata ƙofa ƙarama da ake mantawa da ita. Idan ka amsa wani saƙo ta hanyar jawo shi, guntun rubutunsa yana fitowa a saman amsarka. WhatsApp da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan guntu zai iya zama bayan asalin saƙon ya ɓace.

Batun bakof

Bakof shi ne kwafin dukan hirarraki da waya ke ajiyewa a Google Drive ko iCloud don ranar da ta ɓata ko ta lalace. Kamar hoto ne da aka ɗauka a wani lokaci: duk abin da ke cikin hira a wannan lokacin ya shiga, har da saƙon da wa'adinsa bai cika ba.

A misalinmu, idan wayar ƙanen ta yi bakof daren Laraba, saƙon yayarsa yana ciki. Tsawon zamansa a can ya danganta da yawan yin bakof ɗin, domin sabo yana maye gurbin tsoho ne. Mai yi kullum, bakof na farko bayan cikar wa'adi zai fito babu saƙon. Mai yi wata-wata, ko wanda ya saita sai da wayifai kuma ya daɗe bai samu ba, ko wanda aka sace wayarsa ranar Alhamis, tsohon kwafin yana nan ajiye.

WhatsApp ya bayyana cewa idan aka maido da irin wannan bakof, saƙonnin da wa'adinsu ya wuce za a goge su. Ke nan kada wanda ke neman tsohon saƙo ya dogara da bakof. Amma mai neman sirri ma kada ya saki jiki, domin kafin a maido, bayanin yana zaune a ma'ajiyar wani kamfani dabam. Kullewar da ke kare saƙo a kan hanya tsakanin waya da waya ba lallai ta rufe bakof ba. Tun Oktoban 2021 akwai zaɓin kulle shi da kalmar sirri ko mabuɗi mai alamomi 64. Ana samun sa a Paramètres, sai Discussions, sai Sauvegarde des discussions, sai Sauvegarde chiffrée de bout en bout. A nan ne kuma za ka ga ranar bakof na ƙarshe. A kula: wanda ya manta kalmar sirrin kuma ya rasa wayarsa, kamfanin ba zai iya buɗe masa ba. Sannan naka bakof kaɗai za ka iya kullewa. Na abokin hirarka yana hannunsa.

To, kallo sau ɗaya fa?

Tsarin Vue unique, ko View once, wanda ya fito a 2021, ya fi tsauri. Hoton ba ya shiga cikin hotunan waya, ba a tura shi gaba, yana rufewa bayan an buɗe shi sau ɗaya, kuma idan ba a buɗe shi cikin kwana 14 ba wa'adinsa ya cika. Tun 2022 WhatsApp yana toshe sikirinshot a kansa. Da 'yar kasuwar ta yi amfani da shi, da ta toshe ƙofofin Talata da Laraba, sai dai ƙanen ba zai iya nuna katin sau biyu ba.

Duk da haka akwai abin da babu manhajar da ta iya hanawa: wayar ta biyu. Wanda ya ɗora kyamarar wata waya a kan allo ya ɗauki hoton, babu sanarwa, babu alama. Wannan iyaka tsohuwa ce. A 2014 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta zargi Snapchat da yaudarar jama'a kan iƙirarin cewa saƙonni suna ɓacewa har abada, alhali akwai hanyoyin adana su, kuma kamfanin ya amince da sulhu.

Ɗaya gefen: lokacin da ɓacewar ce matsala

Mu koma ga 'yan'uwan nan. A ce ƙanen ya rubuta cewa ya karɓi sefa dubu 150 daga hannun wani, zai biya ƙarshen wata. Bayan kwana 7 wannan rubutu ya tafi, kuma idan gardama ta taso babu abin nunawa. Mutane da dama ba su ma san hirarsu tana da wa'adi ba, domin a hirar mutum biyu kowannensu na iya kunna shi. Alamarsa ita ce ɗan agogo a jikin hoton mutumin, da kuma rubutu a tsakiyar hira da ke cewa an kunna.

Tun 2023 akwai hanyar riƙe saƙo guda: ka danne shi, ka zaɓi Garder, ko Keep a Turanci. Amma wanda ya aiko zai sami sanarwa, kuma yana da ikon soke riƙon. Don haka maganar bashi da ciniki ta fi dacewa da hirar da ba ta da wa'adi, ko takarda da shaidu.

Ga 'yar kasuwar Garwa kuwa, abin da ya fi mata shi ne ta kira ƙanenta ta gaya masa kada ya tura katin ga kowa, ya nuna shi a allon wayarsa kawai. Idan kuma dole sai an tura, ta rubuta kwanan wata da dalilin aikawar a jikin hoton, yadda ko kwafin ya maƙale a wani wuri zai yi wuya a yi wani aiki da shi.