Karatun Kundin Hira: Yadda Ake Gano Inda Abokin Hulɗa Ya Maƙale

Tun daga 2018, lokacin da bankin UBA ya fito da Leo, manhajar da ke amsa saƙonnin abokan hulɗa, bankuna da kamfanonin waya da dama a Najeriya suka bi sahu. Yau mutum zai tura saƙo ta WhatsApp cikin dare, a ba shi amsa nan take, ba tare da wani ma'aikaci ya farka daga barci ba. Duk abin da aka faɗa a irin wannan hira ana adana shi: saƙon mutum, amsar da aka ba shi, lokacin da kowanne ya shigo, da kuma abin da manhajar ta ɗauka yana nufi. Wannan shi ne kundin hira, kuma a cikinsa ne ake gane ko jama'a suna samun biyan bukata ko kuwa wahala kawai suke sha.

Galibin shugabanni ba sa buɗe kundin. Abin da ake kai musu shi ne alƙaluma: hira nawa aka yi, kashi nawa aka amsa, kashi nawa manhajar ta ce ba ta gane ba. Wannan na ƙarshe yana da sauƙin ƙirgawa, domin manhajojin da ake gina irin waɗannan masu amsa saƙo da su suna sa masa alama. A Dialogflow na kamfanin Google sunanta `Default Fallback Intent`, a Rasa kuma `nlu_fallback`. Sai dai a ganina wannan shi ne ƙaramin ciwo. Babban ciwon shi ne inda manhajar ta amsa tambayar da ba ita aka yi mata ba, alƙaluma kuma suka rubuta cewa an yi nasara.

Mu ɗauki misali. A ce wata mai sayar da atamfa ta tura wa dilanta naira dubu 45, aka cire kuɗin daga asusunta, shi kuwa bai ga alat ba. Ta fara da sallama da tambayar gajiya, kamar yadda aka saba. Sannan ta rubuta: "Na tura kudi an cire min amma bai shiga ba." Manhajar ta ga kalmomin "tura" da "kudi", sai ta jero mata matakan yadda ake tura kuɗi. Ta sake rubutawa: "Ba haka nake nufi ba, an riga an cire." A wannan karon aka gane koke take yi, sai aka nemi ta kawo `Session ID`, wato lambar nan mai alƙalami 30 da ake bai wa kowace tura kuɗi tsakanin bankuna. Ita kuwa ta turo lambar asusunta mai alƙalami 10. Aka ce ba daidai ba ne. Ta turo BVN ɗinta mai 11. Aka sake cewa ba daidai ba ne. Daga nan sai shiru.

A wurin alƙaluma wannan hira lafiya lau take. Ba a ce mata "ban gane ba" ko sau ɗaya, kowane saƙo ya samu amsa, kuma ba ta nemi a haɗa ta da ma'aikaci ba. Amma wanda ya karanta zai ga gyara iri biyu a fili. Na farko, an rikita mai neman tura kuɗi da mai koken kuɗin da ya maƙale, maganinsa kuwa shi ne a kwashi ainihin jimlolin da mutane suka rubuta a ƙara su cikin misalan da ake horar da manhajar da su. Na biyu ya fi ɗaukar hankalina, domin ba ruwansa da fahimtar harshe. An tambayi baiwar Allah abin da ba ta san inda yake ba. Da an gaya mata ta duba rasit ɗin tura kuɗin, ko kuma an nemi ranar da adadin kuɗin a madadin lambar, da an wuce wurin.

Wanda ya saba da aikin yana gane alamun maƙalewa da wuri. Mutum ya maimaita magana ɗaya sau biyu ko uku yana sauya kalmomi. Saƙonsa ya fara gajarta, gaisuwa ta ɓace, aka koma "haba" da "don Allah ku haɗa ni da mutum". Ko ya sauya daga Hausa zuwa Turanci da fatan za a fi gane shi. Shiru kuwa shi ne mafi wuyar fassara, tunda wanda ya samu abin da yake so yakan tafi ba sallama, haka ma wanda ya gaji. Don a rarrabe su sai a dubi abin da aka faɗa masa na ƙarshe, amsa ce ko tambaya. In tambaya ce bai amsa ba, to nan ya tsaya. Sannan a duba ko ya dawo washegari da magana ɗaya.

Yadda ake zaɓen abin karantawa ma yana da muhimmanci. Idan aka karanta waɗanda aka sa wa alamar rashin ganewa kaɗai, irin hirar mai atamfa ba za ta taɓa bayyana ba. Gara a ɗebo kamar hira ɗari bisa kan mai uwa da wabi, daga ranaku da lokuta daban-daban, har da ƙarshen wata da ake biyan albashi. Kafin a miƙa wa masu karatu dole a goge sunaye, lambobin waya, lambobin asusu da na kati, domin mutane sukan turo su ko ba a tambaye su ba, wani ma har da lambar sirrinsa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Kowace hira a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, a rubuta abin da mutumin ya zo nema, matakin da ya tsaya, da dalili. Bayan haka a tara masu kama da juna. Idan goma sha biyu cikin ɗarin a wurin neman lamba ɗaya suka tsaya, an san inda za a fara.

Akwai kuma tambayoyin da babu amsarsu sam, kamar mai son sanin yadda zai karɓi kuɗin da ke asusun mahaifinsa da ya rasu. Horar da manhaja ba zai magance wannan ba. Sai an je sashen da abin ya shafa an samo amsa, ko a tsara cewa da zarar irin wannan magana ta shigo a miƙa ta ga ma'aikaci.

A hirar Hausa dole mai karatun ya kasance yana jin harshen sosai. Yawancinmu a waya "kudi" da "kara" muke rubutawa ba ƙugiya, sai ma'anar jimla ta nuna ko ƙara ake nufi ko kara. Muna cakuɗa Hausa da Turanci, 'yan'uwanmu na Nijar kuma da Faransanci. Da yawa ma saƙon murya suke turowa, idan manhajar ba ta mayar da murya rubutu, abin da kundin zai nuna kawai shi ne an turo sauti. Irin waɗannan a ƙirga su daban, domin yawansu yana nuna mutum nawa ne ba a ko saurari bukatarsu ba.

Bayan an yi gyara, sai a bar mako ɗaya ko biyu a sake ɗebo wasu ɗarin. Sau da yawa za a tarar an wuce matakin da aka gyara, amma mutane sun taru a na gabansa, ko kuma sababbin misalan da aka ƙara sun sa yanzu ana kai mai son tura kuɗi wurin shigar da koke.