Gargaɗin da aka binne a layi na goma sha tara

Wata asuba a cikin hunturun bara, aka buga mini ƙofa a Bacirawa, aka ce in fito da mota a kai yaran maƙwabcina asibiti. Su uku ne, duk suna amai, babban yana dafe ƙirji yana cewa numfashi ya yi masa nauyi. Da farko an zaci abincin dare ne. Sai da likita ya tambayi inda suka kwana sannan gaskiya ta bayyana: mahaifinsu ya jera buhunan wake goma a ɗakin da ke manne da nasu, ya jefa wa kowane buhu ƙwayar kashe ƙwari, wadda wasu manomanmu ke kira bam. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan biyu, kuma bai kai rufi ba. Allah Ya sa da sauran kwana, duka ukun sun tashi.

Ƙanena ne ya sayar masa da ƙwayar, domin yana da shagon kayan noma. Da na tsare shi da magana sai ya ɗauko takardar bayanin da ke zuwa da kayan, ya ce, "Yaya, wallahi komai yana rubuce a nan." Na karɓa na karanta. Bai yi ƙarya ba. Jumlar da ta hana amfani da ƙwayar a gidan da mutane ke kwana tana nan, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a layi na goma sha tara, bayan sunayen ƙwari da kirarin ingancin kaya. Na shekara talatin ina koyar da harshe, don haka na ce masa mu zauna mu sake rubuta ta da Hausa. Abin da muka koya a wannan zama shi nake so in ba mai karatu.

Kafin mu rubuta kalma ɗaya, sai da muka fahimci yadda abin yake aiki, domin wanda bai san inda haɗari yake ba ba zai san abin da zai sa a gaba ba. Sinadarin da ke cikin ƙwayar sunansa aluminiyam fosfaid. Kowace ƙwaya nauyinta giram 3 ne, kuma da zarar danshin iska ya taɓa ta sai ta fara sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, kimanin giram 1 daga kowace ƙwaya. Wannan iskar ce ke kashe ƙwari, ba ƙwayar kanta ba. Ba a ganinta da ido. Wani lokaci takan zo da wari irin na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma mai barci ba ya jin wari, kuma rashin warin ba shaida ba ce ta cewa babu guba. Tana ratsa saƙar buhu, ta bi tsagar bango da ƙarƙashin rufi. Har yau likitoci ba su da makarinta. Abin da suke yi shi ne tallafa wa numfashi da zuciya har jiki ya farfaɗo.

Da muka gane haka, sai tambayar farko ta amsa kanta: idan mutum layi ɗaya kawai zai karanta, wanne ne zai tsare masa rai? Muka ɗauko layi na goma sha tara muka mayar da shi na ɗaya, da manyan baƙaƙe, cikin jan akwati, shi kaɗai: "GUBA CE MAI KISA. KADA KA SA TA A GIDAN DA MUTUM KO DABBA KE KWANA, KO A ƊAKIN DA YA HAƊA BANGO KO RUFI DA NASU." Ƙanena ya so mu ƙara wasu gargaɗi shida a cikin akwatin, na hana. In kowa ya ɗaga murya a kasuwa, ba a jin kowa. Guda ɗaya muka yarda ya bi bayansa, wato kada ruwa ya taɓa ƙwayar, domin ruwa yana sa ta saki gubar gaba ɗaya, har tana iya kamawa da wuta. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Janairun 2017, a garin Amarilo na jihar Teksas a Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an watsa ruwa don wanke irin wannan sinadari da aka zuba a ƙarƙashin gidansu.

Aiki na biyu shi ne jeri. Tsohuwar takarda ta kasa bayaninta gida-gida: nan adadin da za a sa, can kariya, can ƙarshe zubar da saura. Manomi kuwa ba haka yake aiki ba. Yakan karanta, ko a karanta masa, har ya kai inda aka faɗi yawan ƙwayar, daga nan sai ya ninke takarda. Duk abin da ya zo bayan wannan wuri tamkar ba a rubuta shi ba ne. Saboda haka muka bi sawun aikin kamar yadda hannu zai yi shi, muka ba kowane mataki lamba, kuma muka sa kowane gargaɗi a gaban matakin da ya shafa, ba a bayansa ba. Mataki na ɗaya, zaɓen wuri. Na biyu, jera buhuna da tanadin babbar leda marar huji da yashin da za a danne gefunanta. Na uku, kafin a buɗe gwangwani: a fita fili, a juya wa iska baya, hannu a bushe cikin safa, a kawar da fuska. Sai a mataki na huɗu muka faɗi adadi, lokacin da an riga an shirya komai, ba sauran dalilin barin ƙwaya a buɗe ana neman igiya.

A kan adadin ne muka ga yadda ma'auni ke ɓatar da mutane. Takardar ta ce ƙwaya 3 zuwa 5 ga kowane tan. Wa ke auna wake da tan a Bacirawa? Ko a kasuwar Dawanau da buhu ake ciniki. In buhu kilo 100 ne, tan ɗaya buhu goma ke nan. Maƙwabcina ya sa ɗaya a kowane buhu, ƙwaya goma, ninki biyu na iyakar da aka yarda, kuma a buhunan da ba sa riƙe iska. Gubar ta tsere zuwa ɗakin yara, ƙwarin kuma wasunsu suka tsira. Ba mu taɓa alƙaluman masu kayan ba, domin ba huruminmu ba ne, juya su muka yi zuwa ma'aunin da aka sani: "Buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, a ƙarƙashin leda ɗaya: kada ka wuce ƙwaya biyar. Ka ɗora su a faranti, kada ka cusa su cikin wake."

Aiki na uku, wanda ya fi cin lokaci, shi ne farautar kalmomi masu baki biyu. Ta farko ita ce "magani". A kunnen Bahaushe magani abin warkarwa ne, "ƙwaya" kuma abin haɗiya ce. Muka soke "magani" daga takardar baki ɗaya, muka sa "guba". Mun fara rubuta "hayaƙi", sai wani dattijo ya ce ai shi bai taɓa ganin ta yi hayaƙi ba, don haka muka koma "iska mai guba wadda ba a gani". "A nisanta daga yara" ma ta yaudari maƙwabcina: ya ɗora gwangwanin can saman katanga inda hannun yaro ba ya kaiwa, ya ɗauka ya cika umarni. "A rufe sosai" kuwa ya fahimce ta da ɗaure bakin buhu. Ita ma "bayan wasu kwanaki" muka cire ta, muka rubuta: "Kada a buɗe sai bayan kwana bakwai cif. In ka sa ran Juma'a, sai wata Juma'ar. Rubuta ranar a ƙofa, ka sa kwaɗo." Kwanakin suna da dalili: ƙwayayen ƙwari da ke cikin wake sun fi manyan juriya, gaggawar buɗewa takan bar su su ƙyanƙyashe.

Mun ƙara abu ɗaya da ya shafi yanayinmu. Ajiyar wake takan faɗo cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe, ga sanyi. Tunda danshi ne ke narkar da ƙwayar, a irin wannan lokaci takan yi jinkiri. Shi ya sa muka ba da alamar da ido zai gani: ƙwayar da ta gama aiki takan zama gari mai ruwan toka, in da sauran tauri a cikinta, har yanzu tana sakin guba. Garin ma ba a shara da shi, ba a tara shi a rufaffen gwangwani. Binne shi ake yi nesa da rijiya. A ƙasan takardar, cikin wani akwatin, muka sa alamomin guba, wato ciwon kai, jiri, amai da nauyin ƙirji, tare da umarni: a fitar da mutum fili, kada a tsaya ba shi madara ko manja, a tafi asibiti da wannan takarda ko da ya ce ya ji sauƙi, domin illar huhu kan iya bayyana bayan sa'o'i masu yawa.

Da muka gama, muka gwada ta a kan mutum shida a bakin masallaci, da boko da kuma ajami. Ban tambayi kowa "ka gane?" ba, domin kunya za ta sa ya ce e. Cewa nake yi, "Baba, ga buhunanka goma, nuna mini inda za ka jera su." A nan ne wani ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, in haka ne, ai duk gidana babu inda ya dace." Wannan ita ce amsar da ta nuna takardar ta yi aiki. A ƙasa irin tamu, inda gida ke jingine da gida, rumbu kuma na tsakar gida, mafi yawan magidanta ba su da wurin da ya cika sharaɗin. Asali ma wannan guba an yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya da ma'aikatan da aka horar. Don haka muka ƙara layi na ƙarshe: wanda ba shi da irin wannan wuri ya nemi buhun PICS mai hawa uku, wanda masanan Jami'ar Purdue suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da guba ba.

Ƙanena ya daɗe yana kallon wannan layi. "Yaya, wannan ai korar masu saye ce." Na ce haka ne. Bayan kwana biyu ya buga kwafi ɗari, ya kuma daina ɓalle gwangwani yana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai a ƙullin leda, wanda shi ne babban abin da ke raba guba da takardarta. Tamu takardar rakiya ce kawai, ba ta maye gurbin wadda hukumar NAFDAC ta amince da ita ba. Kirana ga hukumar da masu shigo da kayan shi ne, kafin a amince da kowace takardar gargaɗi, a kai ta ƙauye a karanta wa manomi, a ga abin da hannunsa zai fara yi. Allah Ya tsare mana zuri'a.