Saƙon da ke raka takardar neman biya: a haɗa aiki da kuɗinsa

Ɗan kwangilar da ya karɓi aikin wata takwas ba ya jiran ranar miƙa mukulli kafin a biya shi. Ana raba aikin mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa, idan ya kammala ɗaya sai ya tura takardar neman biya tare da ɗan gajeren saƙo. A wannan saƙon ake yawan yin sakaci. Sai ka ga an rubuta: “Salam Alhaji, ga takardar kuɗinmu nan, a taimaka a biya da wuri.” Gaisuwar ta yi, amma saƙon bai faɗi wane aiki aka gama ba, bai kuma faɗi yadda aka kai ga adadin kuɗin ba.

Sau da yawa wanda zai fitar da kuɗin ba shi ne ya je wurin ginin ba. Akanta ne ko ma'ajin kwamiti, yarjejeniya a gabansa, kuma zai amsa tambaya idan ya biya abin da bai dace ba. Duk lambar da bai gane tushenta ba, ajiye takardar zai yi har sai ya tambaya, tambayar kuwa kan ci mako guda.

A ɗauki misalin ginin ajujuwa huɗu na wata makarantar Islamiyya, kwangilar naira miliyan 40. An ba ɗan kwangila kafin alƙalami na miliyan 8, wato kashi 20 cikin 100, da sharaɗin a riƙa cire shi kaɗan-kaɗan daga kowane biya. An kuma yarda a riƙe kashi 5 cikin 100 har wa'adin gyaran kurakurai ya wuce. Mataki na biyu, ɗaga bulo zuwa linta, kuɗinsa miliyan 10. Ga saƙon bayan an gyara shi:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Mun kammala mataki na 2 cikin 5 na ginin ajujuwa, wato ɗaga bulo zuwa linta kamar yadda yarjejeniya ta ambata. Injiniyanku ya duba aikin ranar 10 ga Maris ya sa hannu, takardarsa da hotuna suna haɗe. Kuɗin matakin naira miliyan 10 ne. An cire miliyan 2 na kafin alƙalami da 500,000 na riƙo, abin biya yanzu naira 7,500,000, a takarda mai lamba 002. Ranar biya bisa yarjejeniya ita ce 24 ga Maris, a asusun da aka biya mataki na 1. Na gode.”

Sunan matakin ya fito daidai da yadda yake a yarjejeniya. Da an rubuta “mun gama gini”, ma'aji zai iya ɗauka har da rufi, ko ya rasa layin da zai duba. Sa hannun injiniya kuma ya fitar da maganar daga bakin mai neman kuɗi ya mayar da ita shaidar mutumin mai aikin, shi ya sa ya zo kafin a ambaci naira ko ɗaya. Shi kuwa lissafin cirewa, mutane kan bar shi a cikin takardar kawai, a ganina kuskure ne: ma'aji ya san matakin miliyan 10 ne, idan ya ga miliyan 7 da rabi babu bayani, zai zaci kuskure aka yi. In harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 bai shiga farashin ba, a ba shi layinsa daban.

Inda aka fi samun rikici shi ne ƙarin aiki. A ce ana tsakiyar gini shugaban makaranta ya ce a faɗaɗa baranda, ya kuma faɗa da baki ne a tsaye. Idan aka cusa kuɗin barandar a cikin na mataki na biyu, adadin ya saɓa wa yarjejeniya, sai a tsayar da biyan duka saboda ƙaramin abu. Gara a ƙara jimla ɗaya: “Kuɗin faɗaɗa baranda ba ya cikin wannan takarda, za mu turo shi daban bayan kun amince a rubuce.” Haka ma idan akwai abin da ya saura, kamar katakon linta da ba a cire ba don siminti bai gama kamawa ba, a faɗa tare da ranar da za a cire. Mai aiki da ya je ya gani da idonsa, alhali an ce masa an gama, zai fara shakkar sauran lambobin.

Labarin tsadar siminti da leburori masu jiran kuɗinsu gaskiya ne, amma wurinsa kiran waya. A rubuce yana binne adadin da ranar biya, har ya sa haƙƙi ya yi kama da roƙo. Kafin a tura, a ajiye saƙon kusa da takardar a duba abu uku: lambar takarda, adadin kuɗi da ranar biya, su zo iri ɗaya a duka biyun.